Boer, James, Hume ko Janmahasatian: wace fomula za a riƙe idan mai ƙiba ya hau sikeli?

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a nan Gusau, wadda nake ba shawara kan abinci saboda ciwon suga, ta shigo wajena wata ranar Talata da murna a fuskarta. Wata takwas kafin ranar, nauyinta kilo 120 ne, tsawonta santimita 160. Yanzu sikeli ya tsaya a kan 100. Ta rage fura mai suga, ta rage malmalar tuwo, tana zagaya unguwa da ƙafa bayan sallar asuba, kuma abin ya yi aiki. Sai ta miƙo mini waya.

"Malam, duba abin da ɗiyata ta sa min. Wai naman jikina ma ya ƙaru."

Manhajar ta nuna cewa a da nauyin jikinta ban da kitse kilo 45 ne, yanzu kuma ya zama 49. Wato ta zubar da kilo 20, amma kitsen da ya tafi kilo 24 ne, ta kuma samu ribar tsoka kilo huɗu. Na ce mata, "Hajiya, kilo ashirin ɗin nan naki ne, babu mai ƙwace miki su, kuma kin yi ƙoƙari ƙwarai. Amma ribar kilo huɗun nan ba daga jikinki ta fito ba, daga cikin lissafin ta fito."

Saboda irin wannan ne nake son in zauna in kwatanta fomuloli huɗun da aka fi amfani da su. Duk wanda ya buɗe kalkuleta a waya, ko malamin asibiti ne ko mai neman rage teɓa, ɗaya daga cikinsu yake dannawa, kuma sau da yawa bai san wacce ba ce.

Abin da ake ƙoƙarin kimantawa shi ne abin da ake rubutawa LBM a fuskar waya. Idan ka ɗauki nauyin mutum gaba ɗaya ka cire kitse, abin da ya saura ke nan: tsoka, ƙashi, jini, hanta, ƙoda, zuciya, fata, da ruwan da ke cikinsu duka. Mutane kan ɗauka tsoka ce kaɗai, alhali tsoka wani yanki ce kawai. Kusan kashi 73 cikin 100 na wannan nauyi ma ruwa ne. Hanyar auna shi kai tsaye tana buƙatar na'ura, irin wadda ake kira DXA, wadda mutum yake kwanciya a kanta a haska jikinsa daga kai zuwa ƙafa. Da yake ba kowa ke samun irinta ba, masana suka auna wasu rukunin mutane da kayan aiki, sannan suka nemo lissafin da zai ba da amsa mafi kusa ta amfani da abu uku kacal: nauyi, tsawo, da kasancewar mutum namiji ko mace.

Ga uku na farko. A cikinsu W nauyi ne da kilo, H tsawo ne da santimita.

```
Hume (1966)
namiji: 0.32810*W + 0.33929*H - 29.5336
mace:   0.29569*W + 0.41813*H - 43.2933

James (1976)
namiji: 1.10*W - 128*(W/H)^2
mace:   1.07*W - 148*(W/H)^2

Boer (1984)
namiji: 0.407*W + 0.267*H - 19.2
mace:   0.252*W + 0.473*H - 48.3
```

Ta huɗu ta bi wata hanya dabam. Sai an fara fitar da BMI, wato a raba nauyi da tsawo na mita sau kansa. Ga Hajiya a lokacin da take 120, 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, a raba 120 da shi a samu kusan 47.

```
Janmahasatian (2005)
namiji: 9270*W / (6680 + 216*BMI)
mace:   9270*W / (8780 + 244*BMI)
```

Asalin kowacce yana da muhimmanci, domin fomula ba ta san komai ba sai irin mutanen da aka gina ta a kansu. Hume ya auna ruwan jikin maza 29 da mata 27 ne a Birtaniya, ya fitar da tasa daga nan. Ta James ta fito a cikin wani rahoton binciken ƙiba na gwamnatin Birtaniya. Boer a ƙasar Holan ya yi aikinsa, kuma abin da ya dame shi shi ne samun ma'aunin da za a kwatanta yawan jini da ruwan jikin mutane da shi. Su Janmahasatian a Ostireliya masana magunguna ne, kuma da gangan suka tara mutane fiye da 300 waɗanda nauyinsu ya kama daga kusan kilo 40 har ya haura 200, BMI ɗinsu ya kai kusan 70. Ita ce kaɗai a cikin huɗun da aka gina tun farko domin masu ƙiba sosai su shiga ciki.

Bari mu ɗauki mace mai tsawon Hajiya, santimita 160, mu riƙa ƙara mata nauyi mu ga abin da kowacce za ta ce.

| Nauyi | Hume | James | Boer | Janmahasatian |
|---|---|---|---|---|
| 60 | 41.3 | 43.4 | 42.5 | 38.4 |
| 80 | 47.3 | 48.6 | 47.5 | 45.2 |
| 100 | 53.2 | 49.2 | 52.6 | 50.6 |
| 120 | 59.1 | 45.2 | 57.6 | 55.0 |
| 140 | 65.0 | 36.5 | 62.7 | 58.7 |

A kan kilo 60 da 80, tsoffin ukun nan bakinsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kilo biyu da 'yan kai ba. Shi ya sa mutum zai iya shafe shekaru yana amfani da ta James bai taɓa ganin aibinta ba, matuƙar masu matsakaicin jiki yake aunawa. Amma bi layin James zuwa ƙasa da ido. Ta hau daga 43 zuwa 48, ta tsaya cik a wajen 49, sannan ta fara gangarowa. A kan kilo 140 tana cewa wannan mata tana da ƙashi da tsoka da jini ƙasa da na mace mai kilo 60. Idan ka ci gaba har kilo 185 za ta ba ka sifili, bayan nan kuma ta shiga lissafin bashi. Babu jikin ɗan Adam da yake haka.

Dalilin yana cikin ginin fomular, kuma ba ya buƙatar zurfin lissafi. Tana da hannu biyu, ɗaya yana bayarwa, ɗaya yana karɓewa. Hannun farko yana ba da 1.07 a kan kowane kilo, don haka idan nauyi ya ninka biyu, shi ma ya ninka biyu. Hannu na biyu kuwa nauyi sau kansa yake aiki da shi, don haka idan nauyi ya ninka biyu, abin da yake karɓewa ya ninka huɗu. A kan kilo 60, an ba da 64.2, an karɓe 20.8, saura 43.4. A kan kilo 120, an ba da 128.4, an karɓe 83.2, saura 45.2. Dole ne wata rana mai karɓa ya fi mai bayarwa sauri. Wurin da hakan ke faruwa sananne ne, kuma bai dogara da tsawon mutum ba idan ka auna shi da BMI: kusan 36 ga mace, kusan 43 ga namiji. Ga mace mai santimita 160, wannan kilo 92 da rabi ne. Ga mai 155, kilo 87 ne kawai. Ga namiji mai santimita 175, sai ya kai wajen kilo 132.

Ina son a lura da waccan lamba ta mata, domin ita ce take damuna. Mace mai tsawo 155 da kilo 87 ba baƙon abu ba ce a layin masu ciwon suga da hawan jini, ko a Gusau ko a Ƙauran Namoda ko a Talatan Mafara. Namiji mai kilo 132 ba kullum ake ganinsa ba, amma uwa mai 'ya'ya shida da ta kai 90 kowace rana tana zaune a kan benci tana jiran a kira ta. Kuskuren James mata ya fi faɗa wa, kuma da wuri yake kama su. Bai ma jira sai an kai ƙololuwar ba. Ga mai santimita 160, daga kilo 80 zuwa 92 da rabi, fomular ta ƙara ƙasa da kilo ɗaya, wato tun kafin ta juya ta riga ta daina motsi.

To me ya sa muke da tabbacin cewa gangarowar nan ƙarya ce? Saboda jikin da ya ƙara kitse yakan ƙara sauran kayan ma. Ƙafafun da ke ɗauke da kilo 120 kullum daga ɗaki zuwa shago sun fi na mai kilo 60 tsoka, kamar yadda ɗan dako ya fi mai zaman tebur kauri. Jini yana ƙaruwa don ya kai ga sabon naman, zuciya da hanta da ƙoda suna girma, fata tana faɗaɗa, kuma shi kansa kitsen yana tafe da ruwa da jijiyoyi. A ƙiyasin da aka saba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarin nauyin mai ƙiba ba kitse ba ne. Haka kuma idan nauyin ya sauka, wani abu makamancin wannan kaso yakan tafi tare da kitsen. Ga Hajiya da ta zubar da kilo 20, Boer ta ce kilo 5 daga ciki ba kitse ba ne, Hume ta ce kusan 6, Janmahasatian ta ce 4.4. Dukansu sun nuna hanya ɗaya. James kaɗai ta ce an samu riba, saboda Hajiya ta taso daga bayan tudun ne tana hawowa zuwa ƙololuwarsa.

Idan haka ne, ai sai a ce a jefar da James a kama Boer ko Hume a huta. A nan ma akwai abin dubawa, sai dai nasu laifin a hankali yake shigowa, ba ya ihu. Dukansu miƙaƙƙen layi ne. Boer tana ba mace giram 252 a kan kowane kilo da ta ƙara, ko kilo na sittin da ɗaya ne ko na ɗari da arba'in da ɗaya. Hume tana ba ta giram 296, ita ma ba ta canzawa. Jiki kuwa ba haka yake tafiya ba. Yayin da ƙiba take yin nisa, kason kitse a cikin kowane sabon kilo yana ƙaruwa, domin ƙashi ba ya ci gaba da girma, tsoka ma tana da inda take tsayawa. Saboda haka miƙaƙƙen layi yakan yi wa mai ƙiba sosai ƙari. A teburin sama, a kan kilo 140, Hume ta ɗara Janmahasatian da fiye da kilo shida.

Wajen maza kuma lamarin ya juya, kuma wannan wani abu ne da ba a cika faɗa ba. Boer ce take zarcewa a wajensu, saboda tana ba namiji giram 407 a kan kowane kilo. Ɗauki namiji mai santimita 175 da kilo 160. Boer za ta ce 92.6, Hume 82.3, Janmahasatian 82.6, James kuwa 69. Tsakanin mafi sama da mafi ƙasa akwai kusan kilo 24, a jikin mutum ɗaya, a rana ɗaya. Don haka wanda ya ce maka Boer ce mafi kyau ga masu ƙiba, ka tambaye shi namiji yake nufi ko mace, kuma a wane nauyi.

Ita Janmahasatian rabawa take yi maimakon cirewa, kuma wannan ne ya cece ta. Nauyi yana sama, yana kuma ƙasa a cikin BMI, don haka amsar tana hawa kullum amma tana rage gudu. Daga kilo 60 zuwa 80 ta ƙara wa macen nan kusan kilo bakwai. Daga 120 zuwa 140 ta ƙara mata ƙasa da huɗu. Ba ta juyawa, ba ta kuma gudu babu birki. Wannan siffa ce ta fi kama da abin da ake gani idan an auna mutane da na'ura, kuma shi ya sa masu harhaɗa magunguna da likitocin sa barci suka fi karkata gare ta idan mai ƙiba ne a gabansu.

Amma ka sake duba layin farko na teburin. A kan kilo 60 ta ba da 38.4, alhali sauran suna tsakanin 41 da 43. Ga mata masu matsakaicin jiki, ita ce mai rowa. Wani ɓangare na dalilin shi ne ba da ma'auni ɗaya aka gina su ba: wani ya bi ta ruwan jiki, wata ta bi ta na'urar haskawa, kuma ko ma'anar kalmar ba ɗaya ba ce sak, domin wasu suna barin ɗan maiƙon da ke cikin ƙwaƙwalwa da ɓargo a cikin lissafin, wasu suna cire shi. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne kada a sauya fomula a tsakiyar hanya. Idan ka fara katin irin wannan mace da Boer, ka koma Janmahasatian bayan wata uku, za ka rubuta mata asarar kilo biyu zuwa huɗu da ba ta yi ba.

Wani zai ce, to bambancin kilo goma a takarda me zai ɓata? Ya danganta da abin da za a yi da lambar. A wajena, abinci nake ƙiyastawa da ita. Akwai lissafin da ake fitar da ƙarfin da jiki yake ƙonawa a kwance daga wannan nauyi:

```
Katch-McArdle: 370 + 21.6*LBM
```

Da 45 ɗin James, Hajiya mai kilo 120 za ta samu kalori kusan 1,345 a rana. Da 55 ɗin Janmahasatian za ta samu kusan 1,560. Bambancin ya haura 200 kowace rana. Idan aka ɗauki ƙaramar lambar, aka sake rage wani abu a kanta don a sa mutum ya rame, an ɗora wa mai ciwon suga yunwar da ba za ta iya jurewa ba, ga kuma magani a jikinta yana sauke suga. Haka abincin gina jiki. Idan an ce giram ɗaya da rabi a kan kowane kilo na nauyi ban da kitse, James za ta ba ta giram 68, Janmahasatian ta ba ta 83. Tazarar nan ta kai ta ƙwai biyu da ɗan ƙari a kullum, ko wani kaso na wake ko kifi ko ƙuli-ƙuli, kuma mai rage ƙiba shi ya fi kowa buƙatar kada a tauye masa wannan.

A ɗakin tiyata abin ya fi haka nauyi. Akwai magungunan da ake auna su da nauyi ban da kitse, saboda ba cikin kitse suke bazuwa da farko ba. Wasu sanannun tsare-tsaren da aka saka a cikin injinan ɗura maganin sa barci da na kashe zafi, na Schnider da na Minto, an gina su ne a kan fomular James, kuma an gano cewa idan mai ƙiba ya wuce inda fomular take juyawa, injin yana fitar da adadin da ba daidai ba. Shi ya sa ake sa wa irin waɗannan injina iyakar BMI da ba za su karɓi wanda ya wuce ta ba. Sai dai a nan ba ni ne mai hukunci ba, kuma ba mai kalkuleta a waya ba ne. Kowane magani yana da irin nauyin da ake auna shi da shi: wani da nauyin jiki duka, wani da nauyi ban da kitse, wani da nauyin da ya dace da tsawon mutum. Wannan na ƙarshen wani lissafi ne dabam, na Devine, wanda zai ba mace mai santimita 160 kusan kilo 52 ko da 60 take ko 140, domin shi ba ya ma tambayar nauyi. Na sha ganin ana haɗa shi da LBM kamar abu ɗaya ne.

Akwai wata makanta kuma da duka huɗun suka yi tarayya a cikinta. Mahauci idan zai sayi rago a kara ba ya tsayawa a kallo, sai ya taɓa gadon baya da gindin wutsiya ya ji nama ne ko kitse. Fomula ba ta da hannun taɓawa. Kawo mini ɗan kokawa mai santimita 175 da kilo 100, ka kawo ɗan kasuwa mai tumbi da yake wuni a zaune mai tsawo da nauyi iri ɗaya. Boer da James za su ba kowannensu 68, Janmahasatian 67 da rabi, Hume kusan 63. Idan kitsen ɗan kokawar kashi 15 ne cikin 100, to nauyinsa ban da kitse kilo 85 ne, an yi masa ƙwauron kilo 17 ko fiye. Dattijuwar da ƙafafunta suka sirance cikinta ya yi girma kuwa, ita ƙari za a yi mata. Mai kumburin ƙafa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, mai ruwa a ciki saboda hanta, da mai juna biyu, duk nauyinsu ya ƙunshi abin da fomular za ta raba kamar ƙiba ce ta yau da kullum, ta ce kaza kitse ne kaza nama ne. Yara ma ba nasu ba ne waɗannan. Sannan babu ko ɗaya daga cikin huɗun da aka gina a kan mutanen Afirka ta Yamma. An riga an ga cewa ta Janmahasatian tana yi wa Indiyawa ƙari, wanda ke nuna cewa ƙirar jikin al'umma tana shiga cikin lissafin. Don haka ko wadda na fi so ɗin, ina karanta amsarta ne da sanin cewa gaskiyar mutumin da ke gabana tana iya kaucewa da kilo da yawa sama ko ƙasa.

Kafin a ga laifin fomula ma, a duba abin da aka ba ta. Tsawo shi ne inda muka fi sakaci. Ana auna mace da ɗaurin ɗankwali da takalmi mai tudu, ko a tambaye ta ta faɗi abin da ta tuna. Santimita biyar na shiga cikin sauƙi ta haka. Idan aka rubuta wa Hajiya 165 a maimakon 160 lokacin da take kilo 120, Janmahasatian za ta motsa da kusan kilo biyu, Boer da kusan biyu da rabi, James kuwa da kilo biyar cur, saboda tsawon ma sau kansa take aiki da shi. A cire takalmi, a nemi mace 'yar'uwarta ta auna ta a keɓe don a sassauta ɗaurin kai, dugadugai su taɓa bango, a ɗora abu miƙaƙƙe a kan kai. Sikelin banɗaki na ƙarfe mai allura kuma da yawansu ƙarshensu 120 ko 130 ne, kuma kusa da ƙarshen ba su da tabbas. Idan allura ta je ta jingina, lambar da ta nuna ta sikelin ce, ba ta mutumin ba.

Idan kana da manhaja ba ka san wace fomula ke cikinta ba, gwajin minti ɗaya ne. Saka mace, santimita 160, kilo 120. Idan ta ce 45, James ce. Idan ta ce 57.6, Boer ce, 59.1, Hume; 55, Janmahasatian. Ko kuma ka ƙara nauyin zuwa 140 ka ga ko amsar ta ragu, domin James kaɗai ke yin haka. A wasu wuraren za ka tarar an rubuta 120 a madadin 128 a fomular James ta maza. Wannan yana ɗan matsar da wurin juyawar gaba zuwa BMI kusan 46, amma bai hana ta juyawa ba.

Ga yadda nake zaɓa. Idan babba ne mai lafiya da BMI ɗinsa bai kai 30 ba, kowacce ka ɗauka za ta yi maka ƙiyasi, kuma nakan ɗauki Boer saboda ana iya buga ta a ƙaramar waya ba tare da an fara neman BMI ba. Daga 30 zuwa sama nakan koma Janmahasatian, namiji ne ko mace. Idan kuma na san tun farko mutum yana sama ne zai sauko, da ita nake farawa kuma da ita nake ƙarewa, ko da ya sauka ƙasa da 30. Hume ba ta da wani abin da ta fi Boer da shi a wajen mata, ko da yake a wajen maza masu ƙiba ta fi Boer kusa da Janmahasatian, don haka wanda ya saba da ita ba sai ya tayar da hankali ba. James kuwa na daina amfani da ita gaba ɗaya. Ba don ba ta aiki a kan siriri ba, tana yi, sai don ba na son kayan aikin da sai na tuna inda yake lalacewa kullum, musamman da yake inda yake lalacewar nan ne mafi yawan matan da nake gani suke.

Tambayar da Hajiya take son amsarta a zahiri ita ce, a cikin kilo ashirin ɗin nan nawa ne kitse, kuma wannan ba ta cikin ikon ko ɗaya daga cikinsu. Da na ce Janmahasatian ta ba da 4.4, ba jikinta aka duba ba. Abin da aka faɗa shi ne bambancin da ke tsakanin matsakaiciyar mace mai kilo 120 da matsakaiciyar mace mai kilo 100. Wadda ta rame da tafiya da cin wake da wadda ta rame saboda sugarta ta ɓaci tana cinye mata tsoka, amsa ɗaya za su samu. Don a raba su sai an koma ga jiki. Sikelin nan mai faranti na ƙarfe da ake takawa da ƙafa tsirara, mai tura ɗan lantarki, yana ɗan taimakawa wajen bin sauyi, amma ruwan jiki yake karantawa, don haka awon safiyar hunturu da na la'asar a watan azumi cikin zafin Afrilu ba za su zo ɗaya ba. Wanda zai yi amfani da shi ya riƙe lokaci ɗaya da yanayi ɗaya.

Ni da tef na koma. Malamar jinya ta auna mata ƙugu daidai cibiya da kaurin damtse, muka kwatanta da na ranar farko: ƙugun ya ragu sosai, damtsen ya ragu kaɗan. Na sa ta tashi daga kujera ta zauna sau biyar ba tare da ta dafa ba, ta yi ba ta tsaya hutawa ba, abin da a farkon zuwanta sai da ta kama tebur. Awon sugarta ma ya sauka tare da nauyin, wanda ya kawar mini da tsoron cewa cutar ce take ramar da ita. Na ɗauki katinta na soke 45 da 49, na rubuta 55.0 da 50.6, na sa sunan fomular a gefe don wanda zai duba ta bayana kada ya canza.

Ta dubi katin ta ce, "To Malam, ashe raguwa na yi ke nan?"

Na ce, "Kin ragu inda ake so, Hajiya. Wannan kilo huɗun kuma ƙafafunki ba sa buƙatarsu yanzu, tunda kayan da suke ɗauka ya ragu. Sai dai mu tsare sauran." Muka ƙara mata wake a abincin rana da ƙwai ɗaya da safe, na ce ta ci gaba da tafiyarta ta asuba, ta ƙara da tashi da zama daga kujera sau goma safe da yamma, ta dawo bayan wata biyu a sake auna ƙugun da damtsen da tef ɗin da aka yi amfani da shi yau.